Hoton Baba ya koma fentin mai, amma iyali sun ce ba shi ba ne

Tambaya: Salam Malam. Ina da ɗan sitidiyo ina edita da firinti, wani kwastoma ya kawo min hoton mahaifinsa marigayi yana so a maida shi kamar zanen fentin mai a sa a firam, kuma a yi wa jikoki na katun. Na gwada manhajoji da yawa, yana fitowa da kyau sosai amma sai su ce ba Baba ba ne, ya yi fari, billensa ya ɓace, hancin ma ya canza. Don Allah ina matsalar take, ya zan yi kamanninsa su zauna?

Amsa:

Wa alaikas salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba da rahama. Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne yawancin manhajojin yanzu ba fenti suke shafa wa hotonka ba, goge fuskar suke yi su sake zana wata sabuwa, kuma duk inda suka rasa bayani sai su cike gurbin da fuskar da suka fi gani lokacin da ake koyar da su. Toh zanen fentin mai da ke yawo a intanet mafi yawansa na Turawa ne, shi ya sa abin da suka cike da shi ya zo da farar fata da siririn hanci da kunci sumul ba tsaga. Wannan tsohon ciwo ne, tun 2017 sai da FaceApp ta ba da haƙuri saboda wata filta tata da ke haskaka fatar mutane. Don haka aikinka shi ne ka rage gurbin da injin zai cike da kansa, canza manhaja sau goma ba zai gyara komai ba.

Hanyoyin maida hoto zane iri biyu ne kuma kowacce da irin ɓarnarta, in ka san bambancin daga kallon hoton kaɗai zaka gane wacce aka yi maka amfani da ita. Tsohuwar hanya ita ce ta Leon Gatys da abokan aikinsa a Tübingen ta Jamus a 2015, wadda irinta ce Prisma ta yi tashe da ita a 2016. Ita tana ɗaukar tsarin hotonka ta riƙe, sannan ta ɗauko launi da salon burushi daga wani zane, amma lissafin da take auna salon da shi bai san wuri ba sam, ya san dai akwai shuɗi da rawaya da layuka masu lanƙwasa, bai san ina suka dace ba. Sakamakon shi ne mutumin yana nan, hancinsa na nan inda yake, sai dai kaga launin bango ya hau kumatu, ko burushi ya ratsa ta tsakiyar ido. Sabuwar hanya kuma, ta su Stable Diffusion da ta fito a 2022 da duk ƴan uwanta, hoto take bayarwa tsaf kamar mai zane ya zauna ya yi, amma mutumin wani ne daban. Taka matsalar ta biyun ce, kuma zan yi maka bayani da Stable Diffusion a AUTOMATIC1111, wato manhajar kwamfuta da ake sarrafa shi da ita, saboda a nan ne kake ganin duk maɓallan da manhajar waya ke ɓoye maka. In ComfyUI kake amfani da shi abubuwan ɗaya ne, sunaye ne kawai suka ɗan bambanta.

Mu fara da abin da kusan kowa ke tsallakewa, wato girman fuskar a cikin hoton. Mu ɗauka hoton da aka kawo maka na waya ne, 3000 a faɗi 4000 a tsayi, Baba na tsaye da babbar riga, fuskarsa ta ci fiksel 300 a faɗi. Injin ba ya aiki a wannan girman, zai rage hoton zuwa kamar 768 da 1024, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu, fuskar ta koma fiksel 77. Bai tsaya nan ba, kafin ya fara zane akwai wani ɓangare da ake kira VAE da ke matse hoton sau 8 ta kowane gefe, duk fiksel 8 da 8 su zama ɗigo ɗaya. Kenan fuskar Baba gaba ɗayanta ɗigo 10 ce a faɗi, ido ɗaya bai wuce ɗigo 2 ba. Billen nan kuwa, in kaurinsa fiksel 6 ne a asali, ya koma ɗaya da rabi tun a ragewar farko, kafin ma a zo matsewa ya tafi. Kaga injin bai ma ga billen ba balle ya ajiye shi.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Yanke hoton daga ƙirji zuwa sama yadda fuska zata ci fiksel 400 zuwa 500 cikin 1024, ka samu ɗigo 50 zuwa 60 maimakon 10. In kwastoma ya dage sai tsayuwa gaba ɗaya, yi aikin sau biyu, jiki da bango daban, fuska daban, zan zo kan wannan. In kuma hoton kati ne tsoho, roƙe su su kawo katin kansa ka sa a sikana a 600 dpi, kar ka yarda da wanda aka ɗauka da waya aka turo ta WhatsApp, domin WhatsApp na rage girma yana matse hoto sai in an turo shi a matsayin `Document`.

Na biyu shi ne `Denoising strength` a shafin `img2img`, kuma wallahi rabin aikin a nan yake. Yadda abin ke tafiya, injin na zuba wa hotonka dishi-dishi irin na talabijin ɗin da ba siginal, sannan ya dinga share shi mataki-mataki yana zana abin da ka rubuta a `prompt`. Wannan lambar ita ce yawan dishi-dishin. A 0 ba abin da zai canza, a 1 hotonka ya ɓace gaba ɗaya an fara daga farko. Abin lura shi ne ƙananan abubuwa ne ke fara nutsewa, tsaga, tamoji, layin leɓe, aikin hula, daga baya siffar hanci da ido su bi, a ƙarshe ne girman kai da zaman jiki ke tafiya. Su kuwa manhajojin waya ba sa ba ka wannan lambar a hannu, kuma da yake kyan hoto ne ke sayar musu da kaya, sai su kai ta inda fenti ya fi kyau, can kuma kama ta riga ta tafi.

Kar ka yi ta canki-canki, sa injin ya nuna maka. Saka `Seed`, wato lambar da ke tsara dishi-dishin, a lamba ɗaya tsayayya, misali 1234, ka je `X/Y/Z plot` a ƙasa ka zaɓi `Denoising` ka rubuta:

```
0.30, 0.40, 0.50, 0.60, 0.70
```

Zai jera maka hotuna biyar gefe da gefe. Abin da aka saba gani shi ne a 0.30 Baba ne sak amma fentin kaɗan ne, kamar hoton da aka ɗan shafa. A 0.40 burushi ya fara fitowa kuma har yanzu shi ne. Wajen 0.50 sai ya koma kamar ƙaninsa, daga 0.60 zuwa sama wani dattijo ne mai kyau da ba ku san shi ba. Iyakar na ɗan motsawa daga model zuwa model, shi ya sa na ce ka gwada da naka. Amma kusan kullum zaka tarar da tsaka mai wuya, inda kama take fenti bai isa ba, inda fenti ya isa kama ta gudu.

Abin da ke fitar da kai shi ne ControlNet, wanda Lvmin Zhang da abokansa suka fitar a 2023. Shi yana cire taswira daga hoton asali ya riƙe ta a gefe, dishi-dishin bai taɓa ta, a kowane mataki yana tuna wa injin cewa layin hanci nan yake, ido nan yake. Ni na fi son haɗa biyu, `depth` don siffar kai da tudun hanci da kumatu, da `softedge` ko `lineart` don layuka. `canny` ma yana aiki amma layinsa ya cika kaifi, fentin sai ya fito kamar an bi hoto da biro. Sa `Control Weight` wajen 0.7 zuwa 0.8, sannan `Ending Control Step` wajen 0.7, ma'ana ya saki hannun injin a kashi 30 cikin ɗari na ƙarshen aikin. Dalili shi ne siffa tana kafuwa a matakan farko, shafar burushi kuma a na ƙarshe, in ka riƙe shi har ƙarshe zaka samu fuska daidai amma a sandare. Da wannan zaka iya kai `Denoising strength` 0.55 ko 0.60 kama bata gudu ba. Kuma ka danna ka duba taswirar kanta kafin ka ci gaba, in bille bai fito a taswira ba, ba zai fito a zane ba, sai ka buɗe ta a Photoshop ka ja layin da hannunka ka maido ta.

Yanzu aiki biyun da na ambata. Riga da bango basu da wata kama da za a rasa, don haka bar su su sha fenti sosai da `Denoising strength` a 0.65 ko 0.70. Daga nan ɗauki sakamakon, ɗora asalin fuskar a kansa a wurinta, kai shi `Inpaint`, shafa fuskar kaɗai, zaɓi `Only masked`, ka sauke lambar zuwa 0.35 ko 0.40. Amfanin `Only masked` shi ne yana yanko wurin da ka shafa, ya faɗaɗa shi zuwa cikakken girma, ya yi aikin, ya rage shi ya maida, wato fuskar ta samu duk ɗigon da take buƙata ko da a hoton tsaye ne. Ƙara `Mask blur` kaɗan don kar a ga gaɓa a wuya da gefen hula. Kuma kar ka ji kamar ha'inci ne, je ka duba zanen mutane na manyan masu fentin mai, da yawa zaka ga fuska an yi ta a nutse da ƙaramin burushi, tufafi da bango kuma an yi su da manyan shafa. Hular ma ka yi mata irin na fuska in zanna ce ko damanga, don injin bai san aikinta ba, zai cakuɗa shi ya zama wani ado da ba a taɓa ɗinkawa ba, kuma iyali sun san hular Babansu.

Rubutun `prompt` da Turanci ake yi, kuma ka faɗi abin da ke hoton ƙarara, in ka yi shiru a kan launin fata injin zai zaɓa maka:

```
oil painting portrait of an elderly West African man, dark brown skin, grey beard, embroidered cap, visible brush strokes
Negative: pale skin, young, smooth skin, beauty retouch
```

Guji sa sunan wani mai zane Bature a ciki, sunan na jawo irin fuskokin da ya saba zanawa tare da salonsa. Kalmomi irin `handsome` ko `beautiful` ma cire su, suna tura fuska wajen wadda injin ya ɗauka ita ce kyakkyawa. `CFG Scale`, wato ƙarfin bin rubutun, bar shi 5 zuwa 7, in ya yi sama rubutu na rinjayar hoto. Sai `Restore faces`, kashe shi. GFPGAN da CodeFormer, injinan gyaran fuska da yake amfani da su, an gina su ne su ga tabo da layi a fuska su ɗauka lalacewar hoto ce su goge, tsagar gado a wajensu datti ce.

Maganar fari kuma, kar ka dogara da ido, ido na sabawa da abin da yake kallo cikin minti biyu. Buɗe asali da sabon a Photoshop, sa `Info` ya nuna `Lab`, ka auna wuri uku iri ɗaya a duka biyun, goshi, kunci, da ƙasan haɓa. Lambar `L` ita ce haske daga 0 zuwa 100. In kuncin asali na ba ka 32 na zanen na ba ka 45, an haskaka shi, sai ka sa `Curves` a kan fata kaɗai ka sauke har su kusanci juna. In launin ne ya karkata zuwa ja ko ruwan hoda, ɗora asalin hoton a leya ta sama ka sa ta a `Color`, ka rage ƙarfinta zuwa rabi. Amma ka sani `Color` launi kaɗai yake gyarawa bai taɓa haske, mutane da yawa na yin wannan su ɗauka sun gama alhali mutumin na nan a haskake. Billen ma hanya mafi sauƙi ita ce ka zana shi da kanka a ƙarshe da burushi mai launin fata mai ɗan duhu, ka bi asalin hoton don tsayinsa da karkatarsa da kuncin da yake, minti biyar ne, kuma ka tabbata baka juya hoton hagu zuwa dama ba a wani wuri cikin aikin.

Katun kuma wata magana ce daban, duk dabarar da na faɗa ta riƙe layi bata isa ba, saboda shi katun da gangan yake canza siffa, ido ya girma, hanci ya ragu, haɓa ta tsuke. In ka matse shi da ControlNet zaka samu hoto mai launin katun kawai, in ka sake shi ka samu fuskar da kowa ke samu. A nan ne ake buƙatar abin da ke ɗauke da kamar mutum ba tare da layinsa ba, irin InstantID da ya fito a farkon 2024 yana aiki da SDXL, wani babban samfurin Stable Diffusion. Yana amfani da injin gane fuska na InsightFace ya maida fuska lambobi 512, ya haɗa da wurin ido biyu da hanci da gefen baki biyu, ya ciyar da injin zane da su, kuma hoto ɗaya ya ishe shi. Maɓallansa biyu ne, `ip_adapter_scale` da `controlnet_conditioning_scale`, ana farawa da 0.8 kowanne. In kama ta yi ƙasa ka ɗaga su, in launi ya ƙone ko salon katun ya ƙi fitowa ka sauke na farkon. Yana cin katin hoto na kwamfuta, wato GPU, sosai, ƙaramar laftof ba zata ɗauka ba, sai dai ka yi hayar kwamfuta ta intanet na awa ɗaya ko biyu. Kuma ka karanta lasisinsa, model ɗin InsightFace da yake dogara da su an sake su ne don bincike ba don kasuwanci ba, kai kuma kuɗi kake karɓa. Akwai hanyar koyar da LoRA, wato ɗan ƙarin model da ke koyon fuskar mutum ɗaya, da hotunan mutum 15 zuwa 20 wadda ta fi riƙe kama, amma ga marigayin da hoto ɗaya ko biyu ya bari wannan ƙofar a rufe take.

Lambobi 512 ɗin nan daga ɗan yankin fuska mai fiksel 112 da 112 ake ciro su, an horar da injin ne ya gane mutum ko ya canza hula ko haske ya canza, don haka hula da tsaga da furfura ba lallai su biyo ba, waɗannan kai zaka saka su ta rubutu da ta hannu.

Shawarata a katun, fara da zaɓen salo kafin komai. Salon katun ɗin Japan hanci ɗigo ne ko ɗan layi, baki layi ne, ga dattijon da hancinsa da leɓensa ne kamarsa ka riga ka zubar da su tun kafin ka fara. Zaɓi salon da ke barin hanci da ƙashin fuska, irin na zanen barkwanci na jarida ko mai launi shimfiɗe da layi baƙi. Sannan ka zauna da hoton ka tambayi kanka me ya raba Baba da sauran dattawa, abu biyu ko uku, faɗin goshi ne, wushirya ce, kunne ne, ko yadda gira ta sauko. Waɗannan su zaka ƙara musu ƙarfi kaɗan da `Liquify`, injin shi kuma rage su yake yi. Susan Brennan ta gina manhajar zanen barkwanci a MIT a 1982 a kan wannan tunanin, ka auna inda fuska ta bambanta da matsakaiciyar fuska ka ƙara bambancin, kuma gwajin da suka yi da Gillian Rhodes da Susan Carey a 1987 ya nuna mutane sun fi saurin gane zanen layi da aka ƙara wa bambanci a kan wanda aka zana daidai. Gira kuma kar ka raina ta, a wani gwaji na su Pawan Sinha a MIT a 2003 an goge gira a hotunan sanannun mutane, sai gane su ya fi wahala fiye da lokacin da aka goge idon kansa. Injin katun kuma ya fi son ya ba kowa gira siririya mai lanƙwasa, duba nan tukuna in an ce maka ba shi ba ne.

In kana son awo da lamba don tace hotuna masu yawa, ga shi:

```python
from insightface.app import FaceAnalysis
import cv2
app = FaceAnalysis(name="buffalo_l")
app.prepare(ctx_id=-1)
e = lambda p: app.get(cv2.imread(p))[0].normed_embedding
print(e("asali.jpg") @ e("fenti.jpg"))
```

Yadda lambar ta kusanci 1 haka kama take. Kar ka nemi wata iyaka daga wajen kowa, yi taka, auna hoton Baba da wani hotonsa na gaske in akwai, ka auna shi da na ɗansa ko ƙaninsa, zanenka ya kamata ya fi kusa da ta farko. A fentin mai tana taimakawa, a katun kuwa sau da yawa injin ba ya ma ganin fuska sai ya ba ka kuskure, kuma in da InstantID ka yi aikin lambar zata yi maka daɗin baki tunda injin gida ɗaya ne ya zana kuma yake dubawa. Gwajin da na fi yarda da shi, a nuna wa wani ɗan gidan zanen shi kaɗai, ba asali a gefe, ba a faɗa masa ko wane ne ba, a ƙaramin girma a waya. In ya ce Baba nan take ka gama, in ya tsaya yana cewa yana kama da wane, tambaye shi ina ne ya ga ba daidai ba, galibi zai nuna maka baki ko gira. Kar ka ba wanda ya kawo aikin ya fara dubawa, shi ya riga ya san amsar.

Wajen firinti, firam mai inci 16 da 20 a kan kanbas 150 dpi ya isa, wato fiksel 2400 da 3000, kenan daga 1024 zaka faɗaɗa kusan sau uku. In da manhajar faɗaɗa hoto ta Real-ESRGAN zaka yi kar ka kunna `--face_enhance`, GFPGAN ɗin nan ne dai zai dawo ta bayan gida ya share abin da ka sha wahala a kai. Zana bille bayan ka faɗaɗa, ba kafin ba. Kuma kafin ka buga babban, yanko fuskar kaɗai ka buga a ɗan guntun kanbas iri ɗaya ka kalla a hasken rana, don fata mai duhu na yawan fitowa ta fi duhu a tawada fiye da yadda take a allo, inuwar ƙasan hula da gefen hanci su haɗe su zama baƙi ɗaya. In ka ga haka, ɗaga inuwar kaɗai a `Curves` ka bar tsakiyar launin fatar a lambar da ka auna, sannan ka sake buga guntun.